Takardar Shaidar Mai Fassara: Abin da Ya Kamata Ta Ƙunsa

"Ina Agege, na kai takardar aurenmu ta Larabci an fassara min zuwa Turanci don neman bizar Ingila, me ya kamata mai fassarar ya rubuta a jiki kafin su karɓa?"

Ɗan'uwa, abu huɗu za ka duba kafin ka bar shagonsa. Ya rubuta ƙarara cewa wannan fassara ce daidai da takardar asali, ya sa kwanan watan da ya yi ta, da cikakken sunansa da sa hannu, sai adireshi ko lambar wayar da za a same shi, don su ma'aikatan suna so in sun yi shakka su iya tuntuɓarsa. Hatimi kawai ba ya wadatarwa, mutane da yawa suna ganin jan tawada sai hankalinsu ya kwanta alhali ba suna ba waya.

Inda aka fi samun matsala shi ne sunaye. In fasfo ɗinka ya ce Muhammad shi kuma ya rubuta Mohammed, ka ga kamar mutum biyu ke nan, don haka ka kai masa fasfo ɗinka da na uwargida ya kwafa harafi da harafi. Kuma komai ake fassarawa, har hatimin kotu da rubutun hannun da ke gefe, kar ya tsallake wai ba shi da amfani. In kwanan watan na Hijira ne, misali 1440, ya bar shi yadda yake ya sa na Miladiyya a gefe.

Kar ka fassara da kanka ko da ka iya Larabci. In kuma wata ƙasa ce ta nemi tambarin notari, wato mai izinin hukuma na tabbatar da sahihancin takardu, sai ka ga lauya.