Daskarar da ƙwai a shekara 38

"Shekaruna 38, aure bai zo ba tukuna. Idan na daskarar da ƙwaina yanzu, zan haihu duk lokacin da na so?"

'Yar uwa, a'a, babu tabbas. Abin da ake daskarewa shi ne shekarun ƙwan: wanda aka cire kina 38 zai zauna a matsayin na 'yar 38 ko da kin dawo kina 44. Matsalar ita ce ingancin ƙwai ya fara sauka sosai tun bayan 35.

Za ki yi kwana 10 zuwa 12 kina tsira wa kanki allura a fatar ciki, ana bin ki da sikanin, sannan a sa miki maganin barci a zuƙo ƙwan da siririyar allura. A ce an samu 10. Wataƙila 8 ne suka nuna, su kaɗai ake ajiyewa. Ranar narkarwa wani ya lalace, wani ya ƙi haɗuwa da maniyyin maigida, wasu su daina girma kafin kwana 5. Kina iya ƙarewa da ɗan tayi 1 ko 2, kuma a shekarunki kusan rabi kan zo da matsalar ƙwayoyin halitta. Shi ya sa likitoci ke son ƙwai 20 ko fiye ga mai shekarunki, wato zagaye biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa, ga kuɗin ajiya duk shekara.

Ki fara da gwajin jini na AMH da sikanin. Yawan ƙwan da ya rage suke nunawa, ingancinsa kuwa shekaru ne ke faɗa. Kuma goyon ciki bayan 40 na da haɗarin hawan jini da ciwon suga, daskarewa ba ta rage wannan. In dai za ki yi, bana ya fi baɗi.