An Ba Ni Izini Ta Waya, Yanzu An Ce Na Yi Fashin Aiki

Tambaya: Ina aiki a wani kamfani a Kano. Mahaifiyata ta kwanta asibiti, na tura wa ogana saƙo ta WhatsApp, ya kira ni ya ce ba komai, in je. Ƙarshen wata sai na ga an yanke mini albashin kwana uku, wai na yi fashi. Yaya zan riƙa adana shaida don kada a sake yi mini haka?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ɗan'uwa. Inda aka samu ɓaraka shi ne wannan kiran. Saƙonka ya nuna ka sanar, amma bai nuna an yarda ba, kuma yardar ce ake jayayya a kanta. Ko alamar nan mai shuɗi da ke fitowa a jikin saƙo, iyakarta ta nuna an buɗe an gani. Izinin da aka ba ka da baki kuwa ya bi iska, sai dai idan ogan mai tsoron Allah ne ya tuna.

Saboda haka duk lokacin da aka ba ka izini ta waya ko a tsaye a bakin ofis, kada ka bar wurin sai ka mayar da shi rubutu. Ka tura masa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na gode. Kamar yadda muka yi magana yanzu, ka amince in tafi jinyar mahaifiyata daga Litinin 4 ga wata zuwa Laraba 6, in dawo aiki Alhamis 7." Ka lura, akwai dalili, akwai ranar tafiya da ta dawowa, akwai kalmar amincewa. Idan ya amsa da "to" kawai, ka samu abin da kake nema. Idan ya yi shiru, saƙon da ya karanta bai musanta ba ya fi babu nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai amsa ƙarfi ba. Kuma ka tambaya ko daga hutunka na shekara za a cire kwanakin, domin a nan ma rigima kan tashi.

Sai adanawa, wadda ita ce mutanenmu suka fi sakaci da ita. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, wanda ya turo saƙo ma yana da kusan kwana biyu da zai iya goge shi daga wayarka. Don haka a ranar za ka ɗauki hoton allon, ta yadda lambar ogan da kwanan wata da lokaci za su fito. Na taɓa ganin ma'aikaciyar da ta kawo hoton saƙo ga kwamitin ladabtarwa, amma a saman an rubuta "Oga" kawai, babu lamba, babu rana. Nan take aka ce ai kowa na iya zama Oga, hujjarta ta raunana a banza. Ka duba kuma kada Disappearing messages, wato tsarin da ke sa saƙonni su goge da kansu, ya kasance a kunne a hirarku. Bayan haka ka shiga Export chat ka tura hirar gaba ɗaya zuwa imel ɗinka na kanka, ba na kamfani ba, domin ranar da aka sallami mutum akan rufe masa na ofis.

Da ka dawo aiki, ka bi saƙon da takarda. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya a ofishin kula da ma'aikata, a buga maka hatimi da sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, ka tafi da shi gida. Idan kai ne ba ka da lafiya, haɗa da takardar likita. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikacin da ta shafa hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 a shekara, amma da sharaɗin shaidar likita mai rajista. Wannan na rashin lafiyarka ne kai kanka. Jinyar iyaye sai abin da takardar ɗaukarka aiki ta tanada ko abin da aka yarje maka, shi ya sa rubutacciyar amsar oga take da nauyi a irin lamarinka.

Kada ka goge asalin hirar wai don ka riga ka ɗauki hotonta. Idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da saƙon waya, amma za a nemi bayanin na'urar da aka ciro shi.

Kwana ukun nan ma ba su tafi ba tukuna. Buɗe jerin kiran wayarka yau, ka ɗauki hoton kiran da ya yi maka da lokacinsa, ka haɗa da saƙonka da katin asibitin Mama, ka rubuta takardar neman a mayar maka da kuɗinka.