Kamfani ya aiko min da fenti bai cika ba: debit not zan tura musu ko kiredit not?

Tambayar wannan makon daga wani ɗan kasuwa take a Agege, mai sarin fenti. Ga abin da ya rubuto:

"Barista, barka da aiki. Na sari bokiti 200 na fenti a wani kamfani a Ikeja, kowanne naira 30,000, bashi ne na kwana 30. Da aka sauke kaya 190 muka ƙirga, direbansu ma ya sa hannu a webil, takardar rakiyar kaya, cewa babu guda 10. Bayan kwana huɗu muka ga guda 15 murfinsu a fashe, fentin ya daskare. Yarona mai rubutu ya ce mu aika musu kiredit not. Sannan na sayar wa wani ɗan kwangila a Ajah guda 60, mun yi ciniki a 34,000, yaron ya yi kuskure ya rubuta 31,000 a inbois. Mutumin kuma ya dawo da guda 4, wai ba kalar da ya ce ba ce. Wace takarda zan ba wa?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka dakatar da yaron nan kafin ya buga komai, domin in ya aika wa kamfanin kiredit not, to da hannunka ka rubuta cewa su ne suke da ƙarin kuɗi a wurinka, alhali kai kake nema a rage maka.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna kallon sunan takardar, ba sa kallon littafin da take magana a kai. Kowace daga cikinsu labarin shafin wancan mutumin take bayarwa a cikin littafinka. In ka aika wa mutum debit not, ce masa kake yi: na ɗora wannan kuɗi a kanka. Ko dai bashin da nake binka ya ƙaru, ko wanda kake bina ya ragu. In ka aika masa kiredit not, ce masa kake yi: na sauke maka wannan kuɗi. Saboda haka tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kanka, wato gyaran nan aljihun wa zai yi wa daɗi. In naka ne, debit not. In na wancan ne, kiredit not.

A wurinmu lauyoyi nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kiredit not amsa ce da bakinka, kuma ranar da aka je kotu da ita za a kama ka. Debit not kuwa da'awa ce kawai. Ba ta haifar da bashi don ka buga ta ka sa hatimi. Sai ta jingina da wani abu, ko yarjejeniyar ciniki, ko doka, ko amincewar wanda ka aika wa. Dokar Shaida ta 2011 ma ta faɗa a sashe na 51 cewa kotu tana karɓar abin da aka rubuta a littafin lissafin kasuwanci, amma shi kaɗai bai isa a ɗora wa mutum bashi ba.

Mu fara da kamfanin. Bokiti 200 a 30,000 ya kama naira 6,000,000. Harajin sayen kaya da ake kira bat, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ya kama 450,000. Inbois ɗinsu ke nan 6,450,000. Su suka rubuta inbois, don haka su ne za su fitar da kiredit not su rage shi. Naka shi ne ka aika debit not ka nemi ragin.

Shawarata kada ka haɗa guda 25 ɗin a takarda ɗaya, ko da yake yaronka zai ga kamar ɓarnar takarda ce. Ƙarfinsu a doka ya bambanta. Guda 10 da ba su zo ba magana ce a fili: dokar cinikin kaya ta ce in mai sayarwa ya kawo ƙasa da abin da aka yi ciniki, mai saye yana iya mayar da kayan, in kuma ya karɓa sai ya biya kuɗin abin da ya karɓa a farashin da aka yi. Ga kuma sa hannun direbansu. Wannan 300,000 ne, da bat 22,500, jimla 322,500, kuma da wuya su yi musu.

Guda 15 ɗin nan ne za a ja. Za su ce lafiya suka bar kamfani, a shagonka aka fasa, ko rana ta buge su. Kuma doka tana ɗaukar mutum ya amshi kaya in ya riƙe su ya wuce lokacin da hankali zai ɗauka bai yi magana ba, ko ya yi da su abin da mai kaya kaɗai ke yi, kamar sayarwa. Kwana huɗu a ganina bai yi yawa ba ga bokiti 190 da aka jibge, amma ka juya bayan inbois ɗin ka karanta ƙananan rubutun nan. Kamfanoni da yawa suna sa cewa duk ƙorafi sai a cikin awa 48 ko kwana bakwai. Ka ware bokitan gefe guda, ka ɗauki hotonsu da lambar rukunin da ke jikinsu, kada ka sayar da ko ɗaya ko da a rabin kuɗi. In ka raba takardun, jayayya kan 483,750 ba za ta riƙe maka 322,500 ba.

Ga yadda za a tsara ta biyun. Kamfanin da Turanci za su so ta, sai yaronka ya juya, amma kada ya zubar da ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke ciki. A samanta a rubuta `DEBIT NOTE` da lambarta da kwanan wata, da sunan kasuwancinka da nasu kamar yadda yake a inbois, sannan:

"Game da inbois ɗinku mai lamba kaza na ranar kaza, da webil mai lamba kaza. Mun ɗora naira 483,750 a asusunku, kuɗin bokiti 15 na fenti a kan 30,000 kowanne, wato 450,000, da bat 33,750. Dalili: ranar kaza mun tarar da murfinsu a fashe, fentin ya daskare. Ba mu amshe su ba; suna shagonmu a Agege, ku zo ku duba ku kwashe. Muna roƙon ku aiko da kiredit not na wannan adadi cikin kwana bakwai. Hotuna suna haɗe."

Ka lura ban sa "kun cuce mu" ko "kullum haka kuke yi" ba. Alƙali ba ya ƙirga fushi. Ban kuma sa kuɗin ɓata lokaci ko ribar da ka rasa ba. Wannan diyya ce, sai an yarda ko kotu ta yanke. In ka cusa ta a debit not ka ba su ƙofar watsar da takardar gaba ɗaya.

Ranar biya in ta zo kafin su amsa, kada ka riƙe kuɗin duka. Ka biya 5,643,750, wato 6,450,000 a cire 806,250, ka rubuta musu cewa ragowar ita ce ta debit not lamba kaza da kaza. Mai riƙe miliyan shida saboda dubu ɗari takwas shi ne yake komawa mai laifi. Kuma ka matsa sai kiredit not ɗinsu ta shigo hannunka, domin ita ce za ta daidaita lissafin bat ɗinka da nasu in masu haraji sun zo bincike. Taka takardar ba ta gyara inbois ɗin wani.

Yanzu ɗan kwangilar Ajah. A nan kai ne mai inbois, saboda haka takardun biyu duk daga wurinka za su fita. Kuskuren farashi debit not ne: 3,000 sau 60 ya kama 180,000, da bat 13,500 in kana karɓa, jimla 193,500. Rubutun gajere ne: "An rubuta 31,000 a inbois lamba kaza bisa kuskure, farashin da muka yi ranar kaza 34,000 ne, kamar yadda saƙonku ya nuna. Mun ɗora bambancin, 193,500, a asusunku." Amma fa, ranka ya daɗe, ina saƙon? In akwai shi a WhatsApp ko takardar oda, kana da ƙafar tsayawa, kuma kada ka canza wayar ko ka goge hirar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana da sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga na'ura. In da baki kawai aka yi, takardar da ke hannunsa 31,000 ta ce, da hatiminka a kai. Ka kira shi tukuna ku yi magana ta mutunci, kada takarda ta riga ka isa. Abin da debit not ba za ta taɓa yi maka ba shi ne ƙarin farashi bayan ciniki ya faɗa, wai don dala ta tashi.

Guda 4 da ya dawo da su kiredit not ne, kuma a nan ake taka-tsantsan da alƙalami. Na taɓa tsaya wa wani mai kayan gini da ya rubuta "saboda kaya ba su da kyau" a kiredit not na 'yan kwalaye kaɗan, don ya faranta wa kwastoma rai. Da aka zo rigima kan sauran kuɗin kayan mota guda, layin nan lauyan ɗaya ɓangaren ya riƙa karantowa yana maimaitawa. Kai ka ɗaure taka da igiya gajera:

"Mun sauke naira 146,200 daga asusunku, kuɗin bokiti 4 da kuka dawo da su ranar kaza daga inbois lamba kaza, a kan 34,000 kowanne, da bat 10,200. Mun karɓe su ne don canjin kala kawai. Za a cire wannan kuɗi daga bashin da ke kanku, ba a hannu za a biya ba. Bai shafi sauran bokiti 56 ba."

Akwai wani rami a nan. Kada ka ba shi wannan takarda a kan 34,000 sai ya amince da debit not ɗinka a rubuce. In ya tsaya a kan 31,000, to a kan 31,000 za ka sauke masa, 133,300 ke nan, ka rubuta cewa ba ka janye maganar farashi ba. In ba haka ba ka mayar masa da kuɗin kaya a farashin da ya ƙi biya. Kada kuma yaronka ya yage tsohon inbois ya rubuta sabo da lamba ɗaya. A bar shi yadda yake, takardun gyara su bi bayansa.

In lallami ya ƙi, sai wasiƙar neman biya, sannan kotun ƙananan basussuka da jihar Legas ta buɗe a kotunan majistare a 2018 don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, inda mutum kan iya tsaya wa kansa ba lauya. Wa'adin kai ƙarar bashin ciniki irin wannan a Legas shekara 6 ne, kuma aika debit not, ko sau goma ne, ba ya tsayar da agogon. Abin da ke sabunta shi sai wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani abu daga ciki. Don haka duk takardar da za ta fita daga shagonka a yi ta kwafi biyu, a bar wuri a ƙasa na suna da sa hannu da kwanan wata. In an kai kamfanin, a miƙa ta ofishin akanta a buga mata hatimin karɓa, kada a bar ta wurin maigadi a bakin get.