Yadda Ake Zaɓar Ɗalibai da Jadawalin Lambobin Ƙuri'a

"Malam, an ba ni sunayen ɗalibai 348 na azuzuwa guda shida, aka ce in fitar da 30 da jadawalin lambobin nan na bayan littafin lissafi. Yawancin lambobin da nake samu sun wuce 348, tsallakewa kawai nake ta yi. In riƙa yar da alƙalamin farko ne don aikin ya yi sauri? Kuma waɗanda suka fito, da yawansu 'yan aji ɗaya ne. In sake daga farko?"

Kada ka yar da alƙalamin farko, ɗana, kuma kada ka sake. Tsallakewar da ta dame ka alama ce kana kan hanya. Zauna mu bi aikin tare.

Kafin ka buɗe jadawali, fara da jerin sunayen. Ka tabbata ba wanda aka rubuta sau biyu, ba wanda ya bar makaranta sunansa ya rage, kuma sababbin zuwa sun shiga. Wanda sunansa ya fito sau biyu ya sami rabo biyu, wanda ba ya cikin jerin kuwa ba shi da rabo sam, kuma babu jadawalin da zai gyara maka wannan. Sannan ka ba kowa lamba mai alƙaluma uku, daga 001 zuwa 348. Na bakwai 007 ne, na arba'in da biyar 045. Tunda lamba mafi girma alƙaluma uku gare ta, kowa ma uku zai samu, kuma uku-uku za ka karanta jadawalin.

Sai ka rubuta dokokinka a takarda tun idonka bai sauka kan lambobin ba: inda za ka fara, ta ina za ka bi, da abin da za ka yi idan layi ya ƙare. Wasu kan rufe ido su dangwala fensir a shafi. Ban cika son haka ba, domin hannu yakan faɗa tsakiyar shafi, kuma mutum yakan ce bari in sake dangwalawa idan wurin bai yi masa ba. Ni na fi son a ciro takardar kuɗi daga aljihu, a duba lambar da ke jikinta, a ɗauki alƙaluman ƙarshe su nuna layi da wurin farawa.

To, a ce wurin da ka sauka ya ba ka waɗannan layuka biyu:

```
71509 28384 06127 95263 41185
62047 93912 70006 55341 79870
```

Tazarar da ke tsakanin biyar-biyar ɗin nan don sauƙin karatu aka sa ta, ba ta da wata ma'ana. Ka yanka uku-uku daga hagu zuwa dama kamar babu ita. Na farko 715, ya wuce, ka tsallake. Na biyu 092, ka sami ɗalibinka na farko. 838 da 406 sun wuce. 127 ya shiga. 952 da 634 sun wuce, 118 ya shiga. Yanzu 5 kaɗai ya rage a layin farko, sai ka haɗa shi da 62 na farkon layi na biyu, ya zama 562, shi ma ya wuce. 047 ya shiga, 939 ya wuce. Ga 127 ya sake fitowa. Ka riga ka ɗauke shi, ɗalibi ɗaya ba ya shiga sau biyu, sai ka wuce. 000 ba lambar kowa ba ce, 655 ya wuce, 341 ya shiga, 798 ya wuce. Cikin lambobi 16 ka sami mutum biyar: 092, 127, 118, 047 da 341. Haka ya kamata ya kasance, domin 348 ne kawai masu amfani cikin dubu, wato kusan ɗaya cikin uku. Kafin ka cika 30 za ka karanta lambobi wajen 90. Aikin 'yan mintoci ne.

Yanzu duba abin da dabararka za ta jawo. Idan ka yar da alƙalamin farko na duk lambar da ta wuce, 715 ya zama 15, 838 ya zama 38, 952 ya zama 52. Duk abin da ka yanke haka, ƙasa da ɗari zai faɗa. Ɗalibi na 052 zai iya fitowa ta 052, ta 352, ta 452, har zuwa 952, hanya takwas ke nan, alhali na 250 hanyarsa ɗaya tal. Idan an jera sunayen aji-aji ne, za ka wayi gari yawancin mutanenka 'yan aji biyun farko ne. Abin da ya fi damuna da wannan kuskuren shi ne, wanda ya karɓi sakamakonka ba zai gane ba, zai ɗauka ƙuri'a aka yi ta gaskiya.

Akwai hanyar rage ɓarnar da ba ta zaluntar kowa. Ka ce duk lambar da ta kai 501 zuwa 848 za ka cire mata 500. Kowane ɗalibi ya sami lambobi biyu daidai wa daida: na 215 yana da 215 da 715. A layukanmu, 838 zai ba ka 338, 634 ya ba ka 134, 562 ya ba ka 062, amma 406 da 939 da 952 har yanzu tsallakewa za ka yi. Masu amfani sun koma 696 cikin dubu. Sharaɗin shi ne ka yanke wannan shawara kafin ka fara karatu, ba a tsakiya ba. Ka kuma kiyayi masu raba kowace lamba da 348 su ɗauki ragowar. Da haka ɗalibai na 001 zuwa 303 suna samun lambobi uku-uku, na can ƙarshen jerin kuwa biyu-biyu. Ma'aunin kowace dabara guda ɗaya ne: ƙirga hanyoyin da kowane ɗalibi zai iya fitowa, in ba su zo ɗaya ba, bar ta.

Batun 'yan aji ɗaya kuwa, ƙuri'a ba ta yi maka alkawarin raba daidai ba. Idan kowane aji 58 ne, biyar-biyar ake tsammani, amma wani aji ya sami takwas wani ya sami biyu ba abin mamaki ba ne. Alkawarinta shi ne kowane ɗalibi rabonsa 30 cikin 348 ne, kusan ɗaya cikin goma sha biyu, kuma kowane rukuni na mutum 30 yana iya fitowa daidai da kowane rukuni. Da zarar ka ce wannan bai yi maka kyau ba ka sake, to kai ne ka zaɓa, ba jadawali ba. In mai aikin yana buƙatar kowane aji ya sami wakilci daidai, sai ya faɗa tun farko, a yi wa kowane aji jerinsa daga 01 zuwa 58, a karanta biyu-biyu, a fitar da biyar daga kowanne. Wannan wani tsari ne daban, kuma dole a rubuta a rahoto cewa shi aka bi.

Ranar da ka je makarantar za ka tarar wani cikin talatin ɗin bai zo ba, kuma malamin aji zai ce ga wani yaro mai ƙoƙari, ɗauke shi a madadinsa. Ka yi masa godiya ka ƙi. Masu yawan fashin zuwa sun bambanta da masu zuwa kullum, kuma su ma ana son jin nasu. Ka koma washegari ka neme shi. Saboda irin haka, bayan ka cika 30 ka ci gaba da karatu ka fitar da ƙarin mutum biyar, ka ajiye su bisa tsarin fitowarsu. In ya zama dole a maye gurbi, na farkonsu ne zai shiga, ka kuma rubuta wanda aka rasa da dalilin rasa shi. Ka haɗa wannan da shafin jadawali da layin da ka fara da hanyar da ka bi, ka kawo mini in bi sawunka in ga ko talatin ɗinka za su fito mini.