Raba kuɗi biyu ba shi ne iya ciniki ba

Tambaya: Malam ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, ina saro kaya ina sayarwa ɗai-ɗai. Duk kuɗin da aka yanka min rabi nake tayawa, haka aka koya min. Wasu su ji haushi, wasu kuma su sallama nan take, daga baya in gano an cuce ni. Ya zan gane farashin gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar mai kaya yana riƙe maka ma'auni, matsalarka kenan. Rabin me kake tayawa? Rabin kuɗin da shi ya ga dama ya faɗa. Masu kaya kuma sun san irinku sarai, yana ganinka ya san za ka raba biyu, sai ya ninka tun farko, kai kana murna ka karya shi, shi kuma ya ci ribarsa har da ƙari.

Lissafin daga gabanka ake farawa, wato daga yadda kake sayarwa. A ce kayan nan a kan 100 kwastomominka suke sayen guda, in ka ƙara ko kaɗan su koma maƙwabcinka. Cire kuɗin mota da dako, a ce 6 a kan kowane guda. Cire na lalacewa, in a cikin guda 20 ɗaya kan fashe ko ya ƙi sayuwa, wajen 4 kenan. Cire ribar da in babu ita gara ka zauna a gida, a ce 15. Saura 75. Toh wannan 75 ɗin ita ce iyakarka, ka rubuta ta a littafi kafin ka fita, don a gaban mai kaya ga surutu ga sauri ba ka iya lissafin kirki.

Yanzu ka je wajen na farko ya ce 160, ka taya 80, ya ɗan ja ya ce kawo. Ka wuce iyakarka da 5 a kowane guda ba ka ma sani ba, kashi ɗaya cikin uku na ribarka ya tafi tun kafin a ɗaure kayan. Na biyu mutumin kirki ne, ba ya zuba kuɗi, ya ce 82, kai kuma ka ce 41. Dole ya ɗaure fuska ya ce albarka, alhali da ka taya 68 da wataƙila kun tsaya a 72. Ka ga dabarar taka mai tsuga kuɗi take yi wa aiki, mai gaskiya kuma ta kore shi.

In kayan sabo ne a wajenka, kar ka taya komai a zagayen farko. Tambayi wuri uku, kuma ba masu jere da juna ba, don maƙwabta kan daidaita baki. Ka tabbata abu ɗaya kake tambaya, kamfani ɗaya, girma ɗaya, guda nawa ne a katan, don arha da yawa a nan take ɓuya, katan mai 20 a sa maka shi gefen mai 24. Tambayi na guda da na dozin, tazarar da ke tsakaninsu za ta nuna maka inda ragin yake. In biyu sun yi kusa da juna ɗaya ya faɗo ƙasa sosai, buɗe kayan ka duba kafin ka yi murna.

Na san wani da yake alfahari da matse dilansa, kullum sai ya ce ai can an ba ni a kaza, alhali ƙarya ne. Dilan ya gaji ya riƙa sallama masa, amma tsohon kaya da masu tabo yake ware masa, ranar da kayan suka yi wuya a kasuwa kuwa ya ce sun ƙare, ya sayar wa waɗanda ba sa wahalar da shi. Sati biyu shagon mutumin nan babu abin da aka fi zuwa nema, abin da ya yi asara ya fi duk ragin da ya tara. Masu neman kuɗin dare ɗaya ba sa son jin wannan, su dai a ce sun saro a banza.

Saboda haka kar ka ƙirƙiro farashin ƙarya, kar ka kushe kayan da kake so, kuma kar ka taya abin da ba ka shirya biya ba, in ka taya ya sallama to ciniki ya faɗa, ka biya. In kana son ragi nemo shi da abin da zai amfane shi shi ma, ka ɗauki da yawa ko ka biya kuɗi hannu. In kuma ya tsaya sama da iyakarka, yi godiya ka juya. Idan ya kira ka, akwai sauran ragi. Idan wuri uku duk sun bar ka ka tafi, kasuwar ce ta tashi, sai ka koma littafinka ka duba ko kwastomominka za su iya ɗaukar ƙarin, in ba za su iya ba ka rage yawan sarin wannan karon.