Na rage kuɗin abinci da wuta, ƙwai ya ragu: ina matsalar take?

Tambaya: Ina da kaji masu ƙwai guda 200, 'yan wata goma. Da ina kwasar ƙwai 170 a rana, yanzu da ƙyar nake samun 130, wasu ma ɓawonsu ba ƙwari. Wata guda ke nan da na fara sirka abincinsu da dusar masara, kashi ɗaya cikin huɗu, na kuma daina kunna musu fitila da dare. Shin dabarar nan riba ce ko asara?

Amsa: Malam, asara ce, kuma za ka ga dalili idan ka san abin da ke faruwa a cikin kazar.

Gwaiduwa tana girma a jikin kaza na kwana bakwai zuwa goma, sannan ta faɗa bututun ƙwai. A nan farin ƙwai ke lulluɓe ta cikin kamar awa uku, sai wannan siririyar fatar da kake gani a ƙarƙashin ɓawo ta samu cikin awa ɗaya da ɗoriya. Ɓawon shi ne mai cin lokaci, kusan awa 20. Jimilla awa 24 zuwa 26 ke nan, kuma kamar rabin awa bayan ta saka ƙwai sai wata gwaiduwar ta sauko. Shi ya sa kaza ke ɗan makara kullum har ta tsallake rana ɗaya ta sake farawa da safe. Wannan ba ciwo ba ne.

Abin da ke ba ta umarnin sakin gwaiduwa shi ne tsawon haske. Tana buƙatar awa 14 zuwa 16 a rana. Da ka kashe fitila ka bar ta da hasken rana kaɗai, jikinta ya ɗauka lokacin hutu ya zo, sai ranakun tsallakewa suka yawaita. Ƙa'idar masu kiwo ita ce ba a rage wa kaza haske tana tsakiyar ƙwai. Ba wata babbar wuta ake nema ba: in za ka iya karanta rubutu a daidai bakin mazubin abinci, ya isa. Ka dawo da shi sannu a hankali, ƙarin rabin awa zuwa awa ɗaya kowane mako har ka kai 16, kuma a lokaci guda kullum.

Dusar ce ta fi damuna. Kowane ɓawo yana ɗauke da kalsiyam kusan giram biyu, kaza kuwa kamar rabin abin da ta ci jikinta ke sha, don haka sai ta ci giram huɗu ko fiye a rana. A ce abincinka yana da kalsiyam kashi 3.8 cikin ɗari, kaza na cin giram 115: ta sami giram 4.4. Dusa kusan ba ta da kalsiyam. Da ka sirka, ya sauko zuwa giram 3.3, furotin ma ya faɗo daga kashi 17 zuwa wajen 15. Giɓin daga ƙashinta take cike shi. Farko za ka ga ɓawo yana fashewa a hannu ko ƙwai mai laushi kamar leda, in abin ya daɗe sai ka tarar da kaza a durƙushe ta kasa tsayuwa.

Ga lissafin. Kajinka na cin kilo 23 a rana. Ko da kuɗin dusa rabin na cikakken abinci ne, abin da ka tsira da shi kashi ɗaya ne cikin takwas na kuɗin abinci. Abin da ka rasa kuwa ƙwai 40 ne kullum, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinka, wato kiret 40 a wata, ban da waɗanda ke fashewa kafin su kai hannun mai saye. Da kowane ƙwai yana cin abinci giram 135, yanzu yana cin 177.

Ka cire dusar daga yau. Tunda yawancin aikin ɓawo da dare ake yin sa, lokacin da kaza ba ta ci, ka ajiye fiye da rabin abincin zuwa la'asar, ka kuma zuba ɓawon kawa mai tsakuwa-tsakuwa, milimita biyu zuwa huɗu, a mazubi daban. Mai tsakuwar yana daɗewa a ƙundu yana narkewa cikin dare, gari kuwa wucewa yake da wuri. Kada ruwa ya yanke, domin kaza na shan kamar ninki biyu na abin da ta ci.

Ɓawo zai fara gyaruwa cikin 'yan kwanaki, yawan ƙwai kuma ka ba shi mako biyu zuwa uku, kana rubuta adadin kullum. In lokacin ya wuce bai motsa ba, ko ka ga ƙwai mai tamoji, farinsa ruwa-ruwa, kaji na tari, to ba abinci ba ne kaɗai, ka kira likitan dabbobi.