Me ya sa modal ɗina yake cewa kusan kowa lafiyarsa ƙalau?

Tambaya: Malam, ina amfani da lojistik rigireshan don hasashen masu ciwon suga. Daidaiton modal ɗin ya kai kashi 90 cikin 100, amma masu ciwon da yake kamawa ba su taka kara sun karya ba. An ce in duba layin ROC in sauya iyakar 0.5. Ta yaya?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa modal ɗin ba shi da laifi. Lojistik rigireshan yana ba kowane mutum adadi ne tsakanin 0 da 1, wato yiwuwar yana da ciwon, sannan wani ya ja layi ya ce daga nan zuwa sama a tura mutum gwajin jini. Umarnin `predict` na scikit-learn yana jan layin a 0.5, kuma wannan iyaka tana dacewa ne kawai idan kuskuren barin mai ciwo da kuskuren tayar da hankalin mai lafiya nauyinsu ɗaya ne.

Bari mu yi misali da adadin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce mutum 1000 ne, 100 suna da ciwon, 900 ba su da shi. A iyakar 0.5 modal ya kama 20 cikin masu ciwon, ya kuma zargi masu lafiya 18. Daidaitonsa ya zama 20 ɗin da ya kama da masu lafiya 882 da bai zarga ba, wato 902 cikin 1000, amma ka lura cewa wanda ya rufe ido ya ce kowa lafiyarsa ƙalau zai sami 900. Idan aka sauke iyakar zuwa 0.10, a ce ya kama 80, ya zargi masu lafiya 225. Daidaito ya faɗi zuwa 755 cikin 1000, alhali mutum 60 da a da za su koma gida da ciwonsu yanzu za a gwada su.

Kowace iyaka tana ba da ɗigo ɗaya a zanen ROC. Gefen tsaye, `tpr`, shi ne kason masu ciwon da aka kama, gefen kwance kuwa, `fpr`, kason masu lafiya da aka zarga. Iyakar 0.5 ta faɗa a 0.02 kwance da 0.20 tsaye, can ƙasa ta hagu, ta 0.10 kuma a 0.25 kwance da 0.80 tsaye. Yayin da kake sauke iyaka kana hawa layin ne zuwa sama ta dama, kuma inda layin ya miƙe tsaye kana ƙara kama marasa lafiya da arha, inda ya kwanta kuwa zargi kawai kake ƙarawa. Adadin AUC, filin da ke ƙarƙashin layin, ma'anarsa ita ce idan aka ɗauko mai ciwo ɗaya da mai lafiya ɗaya da ka, sau nawa modal zai ba mai ciwon adadi mafi girma, 0.5 canki-canka ne, 1 kuma cikakken rarrabewa. Bai faɗi komai game da iyakar da za ka zaɓa ba.

Mutane da yawa suna bin ma'aunin da Youden ya gabatar a 1950, `J = tpr - fpr`, su ɗauki iyakar da ta fi girman J. A misalinmu 0.5 ta ba da 0.18, ita kuwa 0.10 ta ba da 0.55. Madogara ce mai kyau ta farko, sai dai ba ta san tsadar gwaji ko illar barin ciwo ba. Ni na fi son ka zauna da likitocin ka tambaye su gwajin banza nawa za su yarda a yi don kada mai ciwo ɗaya ya kuɓuce. In sun ce tara, iyakar ita ce `1 / (1 + 9) = 0.10`. Sharaɗin wannan lissafi shi ne adadin modal ya zama na gaskiya, wato cikin waɗanda ya ba kusan 0.10, ɗaya cikin goma ne yake da ciwon. In ka daidaita yawan rukunan biyu da hannu kafin horarwa, sharaɗin ya rushe, sai an gyara adadin tukuna.

```python
from sklearn.metrics import roc_curve
p = model.predict_proba(X_val)[:, 1]
fpr, tpr, thr = roc_curve(y_val, p)
y_hat = p >= 0.10
```

Ka zaɓi iyakar a kan bayanan da ka ware, `X_val`, sannan ka ba da rahoto daga kashi na uku da ba a taɓa ba, domin iyakar da aka zaɓa aka kuma auna a wuri ɗaya takan fi kyau a takarda. Akwai kuma abin da ROC ke ɓoyewa: a iyakar 0.10 mutum 305 za a tura gwaji, 80 ne kawai masu ciwon, kusan ɗaya cikin huɗu. Idan ɗakin gwajin ba zai iya ɗaukar wannan yawa ba, dole ka ɗaga iyakar, ka kuma rubuta a fili mutum nawa masu ciwo hakan zai bari.